Google Slides ko PowerPoint na OneDrive: wanne ya fi idan mutum biyar za su sa hannu a silaid ɗaya

Kwanakin baya ƙungiyarmu ta unguwa ta tashi neman tallafin rijiyar burtsatse mai sola, aka ce mu shirya silaid mu je mu yi bayani gaban masu ba da kuɗin. Silaid 18 ne kacal amma mu biyar ne masu rubutawa, ni da sakatare da ma'aji da wani ƙaninmu mai zane da ke da shago a Farm Centre, sai wata 'yar'uwa da ta zaga gida gida ta tattaro adadin mutanen da ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa. Bayan mu akwai Alhaji shugaba da wani malami da ke duba mana Turanci, su ba rubutu za su yi ba, gani za su yi su ce a gyara kaza.

Satin farko a WhatsApp muka yi aikin, kowa ya sauke fayil ya gyara nasa ya sake turowa guruf. Kafin Juma'a muna da wani mai suna final, da final 2, da final na gaskiya, da wani da ma'aji ya sa wa suna "wannan shi ne". Kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya haɗa sabon kasafi da sabbin hotuna, kasafin yana ɗaya hotunan suna ɗaya. Daga nan muka ce dole fayil ya zama ɗaya a intanet kowa ya shiga ya same shi a can, sai gardama ta koma a ina za a ajiye shi, mai zane yana cewa PowerPoint a OneDrive ni ina cewa Google Slides. Na yi aiki da duka biyun, kuma abin da na gano shi ne mutane suna zaɓa ne da kyan zane alhali abin da ke raba gardama shi ne waye aka yarda ya taɓa, waye magana kawai zai yi, waye kallo ne nasa.

Bari in fara da izinin tunda nan ne bambancin ya fi girma.

A Google Slides in ka danna Share mataki uku ne, Viewer da Commenter da Editor. Viewer kallo kawai, ko tsokacin da wasu suka rubuta ba ya gani. Commenter yana ganin komai yana rubuta tsokaci amma ba zai iya motsa ko ɗigo ba. Editor kuwa komai nasa ne, ya goge silaid ya ƙara ya canza. A PowerPoint da ke kan OneDrive biyu ne za ka yi ta amfani da su, Can edit da Can view, wato babu na tsakiyar nan. Wanda ka ba kallo ba zai bar maka tsokaci ba, in kana so ya yi tsokaci sai ka ba shi damar gyara gaba ɗaya. Akwai wani Can review da wasu ke gani a asusun ofis amma na Word ne wannan, ba na silaid ba.

To ka ga Alhaji shugaba, Allah ya ƙara masa lafiya, a waya yake duba komai kuma da babban yatsa yake ja, in ka ba shi damar gyara yana ƙoƙarin matsawa silaid na gaba sai ya ja hoton tankin ruwa ya kai shi gefe bai ma san ya yi ba, kuma waye a cikinmu zai kira shi ya ce Alhaji kai ka ɓata silaid na tara? Babu. A Google Slides sai kawai ka sa shi Commenter, ya faɗi duk abin da yake so, hoto yana nan inda yake, mutunci yana nan inda yake. Wannan abu ɗaya shi ya sa na dage. In a ƙungiyarku akwai manya ko malami mai duba aiki ko wani na waje da ake son jin ra'ayinsa amma ba a son hannunsa, Google ya ci wannan zagayen ba tantama. In kuwa ku uku ne abokai duk masu gyara ne babu mai kallo daga gefe, wannan bambancin bai shafe ku ba sosai.

Sai dai Google ɗin ma yana da ramukansa, kuma mun faɗa biyu. Na farko, in ka rubuta imel ɗin mutum a akwatin Share, matakin da yake zuwa da shi tun farko Editor ne, in ba ka duba gefe ka canza ba ka ba shi komai kenan. Na biyu ya fi ciwo, editocin da ka saka su ma suna iya ƙara wasu mutane kuma suna iya canza izini, sai dai in ka shiga alamar saiti da ke saman akwatin Share ka cire alamar da ke ba su wannan damar. Mu ban cire ba. Sakatare ya ga malamin Turanci ya kasa buɗewa saboda wayarsa tana kan wani Gmail daban da wanda muka saka, shi kuma yana sauri sai ya sauka ƙasa wajen General access ya mayar da shi daga Restricted zuwa Anyone with the link ya kuma zaɓi Editor, ya jefa linki a babban guruf na unguwa mai mutum sama da ɗari. Da dare na shiga sai na ga wasu zagaye zagaye a sama masu hoton dabbobi, Anonymous kaza Anonymous kaza. Duk lokacin da ka ga waɗannan dabbobin to alama ce akwai mutanen da ba ka gayyata da sunansu ba a cikin fayil, ta linki suka shigo. Babu wanda ya yi ɓarna da gangan amma wani ya goge layi biyu a teburin kasafi, kuma da na duba tarihin gyara babu suna, domin wanda ya shigo bai shiga asusunsa ba babu yadda za a yi tarihi ya faɗa maka waye.

Gyaran da ya kamata sakatare ya yi mai sauƙi ne, ya tambayi malam wane imel ne a wayarsa a saka wannan. Kusan duk wanda ya ce maka "ya ƙi buɗewa, yana cewa Request access" matsalarsa kenan, Gmail biyu ko uku ne a wayar kuma ba wanda aka gayyata ba ne a sama.

OneDrive ma haka yake ta wannan fannin, har ma in ce ya fi buƙatar lura, don a asusun gida sau da yawa in ka danna Share linkin da yake miƙo maka na farko na kowa ne kuma mai damar gyara, sai ka shiga saitin linkin da kanka ka mayar da shi na mutanen da ka zaɓa. Abin da yake da shi mai kyau shi ne za ka iya sa wa linki kalmar sirri da ranar da zai mutu, amma sai mai biyan Microsoft 365, na kyauta bai kai nan ba. In kana da shi kuma fayil ɗin na ɗauke da alkaluman kuɗi to abu ne mai amfani, ka ce linkin nan ranar Litinin ya daina aiki shi kenan ba sai ka tuna ba.

Wani abu da ya shafi duka biyun kuma ake mantawa, folda. In ka raba folda da mutum duk abin da ke ciki ya samu, har wanda za ka jefa gobe. Ma'aji ya kusa jefa hoton takardar banki a foldar da muka raba da kowa. Tun daga ranar folda biyu muke yi, ɗaya ta aiki ta mu biyar, ɗaya ta abin da zai fita waje.

Sannan maganar waye mai fayil. A Google wanda ya ƙirƙira shi ne Owner, in ya jefa shi kwandon shara kwana 30 ne ya tafi gaba ɗaya har ga sauran, in kuma ya yi fushi ya bar ƙungiya ya tafi da shi. Ana iya miƙa mallaka ga wani daga cikin editoci shi kuma sai ya karɓa, amma ya fi a ce tun farko asusun ƙungiya ne ya ƙirƙira ba na mutum ɗaya ba. Google yana ba da 15 GB kyauta wanda Gmail da Drive da Photos ke rabawa, OneDrive yana ba da 5 GB. Silaid 18 ba zai cika ko ɗaya ba, sai dai in mai fayil ɗin dama hotunan biki sun cika masa wuri.

Yanzu tsokaci, ko kwament kamar yadda muke cewa. Yadda ake sakawa kusan ɗaya ne, ka zaɓi rubutun ko hoton ka danna Ctrl+Alt+M a laftof mai Windows, duka biyun suna jin wannan. Ka zaɓi abin da kake magana a kai tukuna, kar ka manna kwament a kan silaid gaba ɗaya ka rubuta "wannan ba daidai ba ne", wanne? Silaid ɗin kasafi yana da layi goma sha biyu. A Google in ka rubuta @ da imel ɗin mutum saƙo zai je masa, kuma wani ɗan akwati zai fito mai cewa Assign to, in ka danna shi aikin ya zama nasa da sunansa a kai har sai an danna alamar an gama. PowerPoint ma yana da kiran suna da @ da rufe zance da Resolve thread, amma ɗora wa mutum tsokaci a matsayin aiki na masu asusun ofis ko makaranta ne. Mu da kowa Gmail ne a wayarsa, ka ga inda ya fi mana sauƙi.

Akwai abin da mutanen da suka saba da Google Docs ke nema su rasa, wato ka gyara rubutu ya fito a matsayin shawara mai fayil ya amince ko ya ƙi. Slides ba shi da wannan. Shi ma PowerPoint ba shi da Track Changes irin na Word. Don haka a duka biyun duk wanda ya gyara ya gyara kenan, nan take kowa zai gani, kuma shi ya sa tsokaci ya zama shi ne kaɗai hanyar ba da shawara ba tare da taɓa aikin wani ba. Dokar da muka kafa bayan abin kasafin nan ita ce kowa da silaid ɗinsa, ma'aji 11 zuwa 14, 'yar'uwarmu 3 zuwa 7, haka haka, kuma ko kai Editor ne in ka ga kuskure a na wani kwament za ka bari ba gyara ba. Mai zane kaɗai aka yarda ya bi ko'ina, shi ma launi da girman rubutu ne nasa ba lamba ba.

Ga irin wanda malamin Turanci ya bari a silaid na 12, na ajiye shi don ya burge ni: "Ma'aji, jimillar da ke ƙasa ba ta yi daidai da layukan sama ba, akwai ratar dubu arba'in, ina ga kuɗin fanel ɗin sola ne aka canza ba a sake tarawa ba. Ka duba kafin Laraba." Ya faɗi wa, ya faɗi me, ya faɗi yaushe. Kuma ya yi gaskiya, don teburin da ke cikin silaid ba ya tara lamba da kansa kamar Excel, in ka canza layi ɗaya sai ka sake lissafin ƙasa da hannunka. Kwatanta da na Alhaji da ya rubuta "a ƙara kyau" a silaid na farko. Sai da na kira shi na ce ranka ya daɗe wane irin kyau, ya ce sunan unguwa ne ya yi ƙanƙanta. To.

Waye zai danna Resolve? Mu mun ce wanda ya yi tsokacin, ba wanda aka yi wa ba. Wanda aka yi wa ya amsa "an gyara" a ƙasa, mai tsokaci ya duba ya rufe. Dalili kuwa da zarar an rufe tsokacin yana ɓacewa daga gefen silaid, yana nan dai a tarihin tsokaci in ka danna alamar da ke sama ta dama amma ba wanda ke zuwa can, kuma akwai masu rufewa don kawai su share gabansu.

Babban bambancin da nake so a riƙe a nan shi ne inda tsokacin yake zama. A PowerPoint yana cikin fayil ɗin .pptx kansa, wato in ka sauke shi ka tura wa masu tallafi ta imel ka tura har da gulmar da kuka yi a gefe, irin su "a ɗan ƙara kuɗin nan za su rage ai". Kafin ya fita sai ka shiga Review ka goge duka tsokaci, ko a na kwamfuta ka bi File, Info, Check for Issues, Inspect Document ya nemo maka tsokaci da bayanan ƙasa ya cire. A Google kuwa Viewer ba ya ganin tsokaci kamar yadda na faɗa, amma fa yana ganin Speaker notes, bayanan nan da mai magana ke rubuta wa kansa a ƙasan silaid, wannan mutane da yawa ba su sani ba. Maganinsa File, Make a copy, Entire presentation, a nan akwai akwatin Remove speaker notes ka danna shi, na kwafe tsokaci da na raba wa mutanen da ke ciki kuma ka bar su babu alama. Ko kuma mafi sauƙi ka sauke PDF ka tura, ba tsokaci ba bayanin ƙasa ba wanda zai gyara.

Sai suna. Nan ra'ayina ɗaya ne ko wanne ka zaɓa, fayil ɗin da ake aiki a kai sunansa ɗaya har a gama, babu kwanan wata babu lamba babu final. Kwanan wata na kwafin da ya fita waje ne kawai. Namu haka yake:

```
Burtsatse-Tallafi_AIKI
2025-03-14_Burtsatse-Tallafi_an-tura.pdf
2025-03-20_Burtsatse-Tallafi_gabatarwa.pptx
```

Shekara ce a gaba sai wata sai rana don in an jera da suna su jeru da kansu daga tsoho zuwa sabo. In ka saba rubuta 14/03/2025 to ka sani Windows da OneDrive ba sa karɓar / a sunan fayil, haka ma : da ? da * da sauransu, Google Drive zai bar ka amma ranar da aka sauke shi a kwamfuta sai ka ga an musanya alamar da wani abu. Ni ina kuma guje wa ƙ da ɗ da ɓ a sunan fayil, ba don ba sa aiki ba, sai don rabin mutanenmu ba su da su a kibod ɗin waya, wanda ya rubuta kungiya a wajen nema ba lallai ya samu ƙungiya ba.

Wani hali na Google Drive da ya taɓa ruɗa mu, yana yarda fayil biyu su ɗauki suna iri ɗaya sak a folda ɗaya, don shi ba da suna yake gane fayil ba, da wata doguwar lamba ce da ke cikin linki. Amfanin wannan shi ne ko ka canza suna linki bai mutu ba. Illarsa kuma za ka iya samun tagwaye, wasu na gyara wannan wasu na gyara wancan, kowa na rantsuwa ya yi aikinsa. In kuna gardamar "ni fa na gyara" "ni ban gani ba", ku kwatanta linki, in lambar tsakiya ta bambanta to fayil biyu ne. Ka kuma sa ido kan duk abin da sunansa ya fara da Copy of, wani ne ya yi kwafi. OneDrive ba ya yarda da suna ɗaya sau biyu a folda ɗaya, nan kam ya fi tsari, na ba shi.

To in babu final 1 final 2 ta yaya za a koma baya? Da tarihin gyara. A Slides ka bi File, Version history, akwai Name current version, sai ka sa wa wannan matakin suna kamar "kafin gyaran Alhaji" ko "wanda aka tura ranar 14", ana iya sa wa har 40 suna a fayil ɗaya, kuma editoci ne kaɗai ke ganin tarihin. Da shi na dawo da layukan kasafin nan. Amma ban danna Restore ba, don zai mayar da duka silaid 18 yadda suke a lokacin, aikin da wasu suka yi bayan nan ya koma cikin tarihi. Kwafin tsohon na yi daga cikin tarihin, na ɗauko layi biyun na manna a na yanzu, na goge kwafin. PowerPoint a OneDrive shi ma yana da Version history kuma za ka iya buɗe tsoho ka duba kafin ka mayar, sai dai jerin lokuta ne da sunayen masu gyara, sai ka yi ta buɗewa kana lalube.

Kar a ce na danne mai zane, yana da gaskiyarsa. PowerPoint na kan kwamfuta ya fi ƙarfi wajen zane da motsi, kuma ba ya jiran sabis, an ɗauke wuta data ta ƙare yana aikinsa. Sai dai nan ma akwai tarko, in ya yi awa uku yana gyara babu intanet wani kuma ya taɓa silaid ɗin a can, lokacin da ya dawo sai ka ga ana tambayar wanne za a riƙe ko kuma wani kwafi ya ɓullo a folda da sunan kwamfutarsa manne a ƙarshe. Haɗin gwiwar na tafiya daidai ne in fayil yana OneDrive kuma AutoSave a kunne. Slides ma ana iya sa shi ya yi aiki babu intanet amma sai ka kunna tun kana da sabis. Kuma in ofishinku dama yana biyan Microsoft 365 kowa na da asusun aiki, ban ga dalilin fita zuwa Google ba, can za ka iya taƙaita linki ga ma'aikatan wurin kawai, wanda ya bar aiki kuma an rufe asusunsa an rufe ƙofarsa.

Mu dai ba ofis ba ne, mutum bakwai ne da wayoyin Android da laftof biyu, biyu daga ciki kuma magana kawai ake so su yi. Sai muka tsaya a Slides, Restricted, editoci biyar, Commenter biyu, na cire damar ƙara mutane. Ana jibi gabatarwa na sa wa matakin suna a tarihi, na sauke kowa zuwa Commenter ban da ni da mai zane, sannan muka sauke .pptx muka buɗe a laftof ɗin da za a jona da firojekta, don irin rubutun da Google ke da shi ba lallai ne yana cikin waccan kwamfutar ba kuma in babu sai ta musanya da wani layuka su zame. Haka kuwa aka yi, kan silaid na 6 ya sauko layi biyu ya hau kan hoton masu garuwa, mai zane ya rage girmansa a nan take. Muka sa shi a filash tare da PDF ɗinsa ko da na farkon zai ƙi buɗewa, ma'aji kuma ya ce shi dai a buga masa silaid 11 zuwa 14 a takarda ya riƙe a hannu.